Kashi 108 cikin 100: lissafin da na baro shagon caca da shi

Ranar Asabar na miƙa wa oga makullin durowa, bayan shekara biyu ina buga wa mutane tikitin cacar ƙwallo. Inna ta daɗe tana cewa kuɗin nan ba albarka, kuma ban taɓa yi mata musu ba. Amma abin da ya fitar da ni a ƙarshe shi ne wani tela maƙwabcinmu da naira 40,000.

A watan farko na koyi juya ods, wato lambar da ake ninka kuɗinka da ita in ka ci, zuwa kashi cikin 100. Ka raba 100 da lambar da ke kan allo, shi ke nan. Ods 2.00 ya ba ka 50, ods 4.00 ya ba ka 25, ods 1.25 kuwa 100 ÷ 1.25 = 80. Na riƙa jin kaina malami, duk wanda ya tambaya sai in danna kalkuleta in faɗa masa yiwuwar cin wasan. Kuskurena, lamba ɗaya nake juyawa, ta ƙungiyar da ake so, ban taɓa duba sauran biyun ba, wato ta canjaras da ta ɗaya ƙungiyar.

Ana saura mako biyu Sallah telan ya shigo ya ce, "Ƙanena, zaɓo min masu tabbas." Na zaɓo masa wasa biyar a tikiti ɗaya, kowanne wajen 1.25, sai duk sun ci za a biya shi. Na ce, "Yaya, ko wanne 80 ne cikin 100." Ya sa dubu arba'in, ashe kuɗin ɗinkin mutane ne. Huɗu suka ci, na biyar aka tashi canjaras. Bai zage ni ba, ya dai daina amsa gaisuwata da fara'a, wannan ya fi zagi ciwo.

Daren nan na ɗauki wasan da ya ɓata tikitin, na juya lambobinsa uku. Masu gida 1.25, wato 80. Canjaras 5.50, wato 18.2. Baƙi 10.00, wato 10. Na haɗa, sai ga 108.2. Na sake haɗawa har sau uku, don wasa ko a ci, ko a sha kashi, ko a yi canjaras, babu na huɗu, dole jimilla ta tsaya a 100. To ina takwas ɗin nan ta fito?

Sai da na mayar da shi kuɗi na gane. A ce kana son a biya ka naira 10,000 ko yaya wasan ya ƙare. Za ka sa 8,000 a kan masu gida, wajen 1,820 a kan canjaras, 1,000 a kan baƙi. Ka fitar da 10,820, a mayar maka da 10,000. Naira 820 ɗin ta zauna a durowa tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Kamfani yana rage kowane ods ƙasa da yadda ya kamata, ods kuwa in ya ragu, kashin da ke fitowa daga cikinsa sai ya kumbura. Ko a jefa kwabo haka ne: adalci shi ne 2.00 kowane gefe, in aka ba ka 1.90, kowane gefe ya zama 52.6, jimilla ta haura 105.

Ke nan 80 ɗin da na faɗa wa telan farashi ne da riba a ciki. In kana son kusantar ainihin hasashen kamfanin, raba kowane kashi da jimillar: 80 ÷ 1.082 ya ba ka wajen 74. Shi ma kimantawa ce, domin ba lallai a raba ribar daidai ba, an fi ɗora ta a kan manyan ods. Sannan ga babban wautata: wasa biyar ba a tsayawa a kan 80, ninkawa ake yi. Ko da 80 ɗin gaskiya ne, biyar a jere sun sauko wajen 33. Da 74 kuwa, wajen 22. Na tura bawan Allah kan abin da ya fi kusa da ɗaya cikin biyar, ina ce masa tabbas.

Washegari na rubuta lissafin a bayan tsohon tikiti na manna a jikin gilashi. Oga ya yage, ya ce ni ba malamin makaranta ba ne, ya cire dubu biyar daga albashina, wai na kori kwastomomi. Bai ce lissafin ƙarya ne ba.

Ga wanda zai gaje kujerar: ƙirga durowa a gaban shaida kafin ka karɓa, kuma kada ka buga wa kowa bashi, ko ɗan'uwanka ne. In an ce ka zaɓo masu tabbas, ce ba ka iya ba. Telan har yanzu ina biyan sa dubu biyu duk wata, shi bai nema ba, saura wata goma sha ɗaya.