Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Saƙon da ya buɗe mana ƙofar darakta

Makon jiya na tsaya inda ƙungiyarmu ta manoman albasa ta ɗauke ni magatakarda a Tahoua. Shekarun farko babu abin faɗi. Abin da ke cina har yau shi ne maganar bashin rudu, wato rumbun ajiye albasa.

Kowa ya san albasar Galmi: lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, buhu ba ya da daraja, sai wanda ya iya ajiyewa zuwa damina ke cin riba. Muna son bashi mu gina rudu kafin a fara cira, kuma sa hannun yana wajen babban daraktan wani banki a Yamai. Shugaban sashenmu, ba zan kama sunansa ba, ƴaƴansa na gaishe ni, ya rubuta takarda shafi biyu: gaisuwa, tarihin ƙungiya, kirari, can ƙarshe ya ce muna roƙon ganawa "duk lokacin da ranka ya daɗe ya samu sarari". Shiru. Ya sake aikawa, shiru.

Kawu, Allah ya jiƙansa, yakan ce: "Babba ba a kai masa aiki, 'to' ake kai masa ya faɗa." Wannan "duk lokacin da ka samu sarari" kamar ladabi ne, amma aiki ne ka ɗora wa mutum. Sai ya buɗe ajandarsa, ya nemi gurbi, ya yi tunanin awa nawa za ku cinye masa, sannan ya rubuto. Wanda takardu ke jibge gabansa zai ce sai anjima, anjimar kuwa ba ta zuwa.

Ni na fara da sakatariyar daraktan. Na buga mata waya na ce: "Hajiya, don Allah waɗanne ranaku ne bai kamata in taɓa ba?" Ta ce safiyar Litinin taron shugabannin sassa ne, Juma'a kuwa rabin yini ce, hankalin kowa na masallaci. Ta ƙara da cewa ya fi sakin fuska kafin baƙi su taru. Sai na rubuta, da faransanci, ga abin da ke ciki:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman albasa ta Tahoua. Muna roƙon minti 20 kan dosiyen bashin rudu da ke teburinka, muna bukatar hukuncinka kafin cirar Maris. Za mu iya zuwa ofishinka: 1) Talata 11 ga Fabrairu, 9:00 na safe, 2) Laraba 12 ga Fabrairu, 11:30, 3) Alhamis 13 ga Fabrairu, 3:00 na rana. Lamba ɗaya ta isa amsa. In babu wanda ya dace, Hajiya ta ba mu wani, za mu zo."

Kowane abu a ciki da dalilinsa. Na sa sunan rana da kwanan wata tare, don "Talata mai zuwa" in ya karanta bayan kwana huɗu wata Talatar ce daban. Na raba lokutan, safe, hantsi da bayan Azahar, a ranaku uku, don in duk na tara su rana guda tafiya ɗaya ta share su. Uku kawai, domin shida ya koma wancan aikin da Kawu ya hana. Minti 20 kuwa yana shiga tsakanin taro da taro, awa guda ba ta shiga. Kuma na ba da tazarar mako guda: daga Tahoua zuwa Yamai ta Konni da Dosso ya haura kilomita 500, yini ne cur a mota, ba ka ba babba lokacin da kai kanka ba ka tabbatar za ka iso ba. Ranakun ukun nan na hana shugabanmu ɗaukar wani alkawari sai amsa ta zo.

Kafin la'asar waya ta yi ƙara. Abin da ke ciki: "2". Na mayar da layi ɗaya, Laraba 12, 11:30, ofishinsa, mu biyu, na kuma sanar da Hajiya ta rubuta.

Bayan shekaru, ɗiyata da ke aiki a unguwar Plateau ta Yamai ta nuna mini nata saƙon zuwa wani shugaba a Dakar. Na ce ta rubuta agogon wa take nufi, tunda Yamai na gaban Dakar da awa guda. Ta ce: "Baba, ina ka koyi wannan?" Wajen Kawu, wanda bai taɓa shiga lakkol ba.

To, ranar taron ƙungiya shugaban sashen nan ya miƙe ya ce takardarsa ce ta yi aiki, an tafa masa. Ina zaune a baya da littafin rahoto, ni na rubuta tafin da hannuna. Kawu ya ce a kai wa babba "to", bai ce a bar wani ya ɗauke ladan ba, kuma na faɗa wa mutumin haka a gaban ma'aji bayan an watse.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda minti 20 ɗin suka kaya da sharaɗin da darakta ya gindaya mana kan jingina.