Wasiƙar da na kai wa shugaban makaranta

Laraba, da dare.

Ko zama ban gama yi ba da safe ma'ajin makarantar ya kira ni. Wai iyaye uku ne tsaye a gabansa suna faɗa: an ɗora musu tarar jinkirin biyan kuɗin makaranta, alhali babu saƙon tuni ko ɗaya da ya shigo wayarsu. Na ce masa ba zai yiwu ba, ga allon manhajar da na rubuta don tura wa iyaye tuni yana nuna saƙo 412 sun fita Litinin ta makon jiya, wasu kuma Litinin ɗin nan. Har da ɗaga murya na yi, abin kunya.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne asusunmu na kamfanin da ke tura saƙon tes. Adadin saƙonnin da muka saya yana nan yadda yake mako biyu da suka wuce, ko ɗaya bai ragu ba. Idan saƙo ya fita, dole a cire kuɗinsa. Allona ne ke yi mini ƙarya.

Na fara zargin agogon sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, amma aikin ya tashi ƙarfe bakwai na safe duk Litinin ɗin biyu kamar yadda aka tsara. Da na tura saƙo ɗaya da hannu daga sabar zuwa lambata, sai ga amsar kamfanin:

```
401 Unauthorized
```

Wato bai gane mai magana da shi ba. Nan na tuna. Da wani abokin aikinmu ya bar aiki, ni da kaina na soke tsohon mabuɗin shiga na karɓi sabo. Na sa sabon a kwamfutata, na gwada, ya yi aiki, na rufe na tafi. Fayil ɗin `.env` na sabar kuwa, inda manhajar ke ɗauko mabuɗin, yana nan da tsohon.

Wannan mantuwa ce, da sauƙi. Babban laifin yana cikin rubutun manhajar. Umarnin `requests.post` ba ya tsayar da aiki don an ƙi karɓar buƙata, amsa kawai yake dawowa da ita, mai rubutu ne zai duba. Ni kuwa ban duba ba. Layi na gaba sai ya rubuta "an tura" a gaban sunan kowane uba. Na sa sabon mabuɗin, na ƙara wannan kafin a rubuta komai, domin aiki ya tsaya idan amsar kamfanin, wato `r`, ta nuna an ƙi karɓa:

```
r.raise_for_status()
```

Gyaran bai ci minti ashirin ba. Wasiƙar ce ta ci mini yini.

Ta farko da na rubuta cike take da "an samu matsalar na'ura". Da na sake karantawa na ga ɓuya nake yi a bayan na'urar, shugaba kuma zai fita ya fuskanci iyaye da maganar da ba ta gaya masa komai ba. Na goge. Ga zuciyar ta biyu:

"Ranka ya daɗe, saƙonnin tuni na Litinin biyu da suka wuce ba su kai ga kowa ba. Iyaye 412 abin ya shafa. Na canza mabuɗin da manhajarmu ke shiga wurin kamfanin tura saƙo da shi, ban sa sabon a inda ya kamata ba, manhajar kuma ta ci gaba da nuna an tura. Kuskurena ne, ba na ofishin ma'aji ba. Lissafin abin da kowa ya biya bai taɓu ba, kuma lambobin iyaye ba su fita hannun kowa ba. Ina roƙon a ɗage tarar ga waɗanda abin ya shafa, tunda ba a tuna musu ba."

Ban sa lambar 401 a ciki ba, me zai yi da ita? Na dai haɗa da jerin sunayen, domin shi ma'aji zai buƙata.

Wuri ɗaya na daɗe ina juyawa, wato sake turawa. Hannuna na ƙaiƙayi in saki tsofaffin saƙonnin gaba ɗaya a wuce wurin. Amma a cikin kwanakin nan mutum 114 sun biya da kansu, kuma babu abin da ke ɓata wa uba rai kamar a bi shi bashin da ya riga ya biya. Sai na ciro sabon jeri daga lissafin yau, mutum 298, na rubuta cewa ba zan tura ba sai ya amince da kalaman da sabuwar ranar ƙarshe ta biya. Na kuma yi alkawari ɗaya tak, wanda na san zan iya cikawa: duk Litinin zan gwada adadin da allo ya nuna da abin da ya ragu a asusun kamfanin, in aika wa ma'aji lambobin biyu.

Bayan an tashi na kai masa da hannuna. Ya karanta sau biyu, ya ɗago ya ce, "To yanzu in allon ya ce an tura, ya kai wayar uban ke nan?" Na ce a'a ranka ya daɗe, kamfanin ya karɓa ke nan. Wayar da ke kashe ko lambar da aka daina amfani da ita sai rahoton isarwa ya nuna, shi kuma ban haɗa shi da manhajar ba tukuna. Ya miƙo mini takardar ya ce in ƙara wannan a ciki, in dawo da ita gobe ƙarfe takwas.