Yadda muke shirya allon Mac a shagonmu na zane da buga kati

Sana'armu zane ce da bugu. Muna yin katin gayyatar biki, da kalandar sunan jariri, da takardun makarantu, da manyan allunan talla na shaguna. Kwamfutocin da muke zane a kansu Mac ne, galibinsu na hannu muka saya, kuma ba mutum ɗaya ke zama a kansu ba. Yaron da ya fara zanen kati da safe yana iya tafiya kai aiki wurin masu yanka takarda, mai katin ya zo bayan la'asar yana son a gyara sunan ɗakin taro, dole wani ya zauna ya ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan ne ya sa nake matsa wa yarana a kan yadda allon kwamfuta zai kasance. Abin da nake nema shi ne duk wanda ya zauna ya gano aikin mutum yayin da mutumin ke tsaye a kansa, ba tare da ya buga waya yana tambayar inda aka ajiye ba.

Wurin da ya fi ba mu wahala shi ne Desktop, wato filin allon da ake gani idan an rufe komai. Mutane da yawa ba su san cewa folda ce kamar kowace folda ba, sai dai abin da ke cikinta yana baje a idon kowa. Saboda tana kusa, komai can ake jefawa: hoton amarya da aka turo ta waya, tambarin makaranta, kati na farko, katin da aka gyara, katin da aka sake gyarawa. A katin biki gyara ba ya ƙarewa. Yau a ce a ƙara sunan kawu, gobe a ce an ɗage walima daga Asabar zuwa Lahadi. Idan fayil huɗu masu kama da juna suna zube a wuri ɗaya, kowanne da ɗan hotonsa iri ɗaya, ba abin mamaki ba ne a tura tsohon zuwa injin bugu. Kati ɗari biyar da kwanan wata na kuskure asara ce ta takarda da tawada, kuma mai shago ne zai biya.

Dokar da na kafa ita ce aikin da ake kansa kaɗai ke zama a Desktop, kuma kowane aiki a cikin foldarsa. Idan mai biki ya turo hotuna uku da rubutun gayyata, sai a zaɓe su gaba ɗaya a danna Control-Command-N. Nan take Mac zai haɗa su cikin sabuwar folda, a sa mata suna. Muna fara sunan da kwanan watan da za a karɓi aikin, shekara, wata, rana, sannan irin aikin da sunan mai shi. Da haka idan aka jera foldojin bisa suna, wanda ya fi gaggawa shi ke fitowa farko. A cikin foldar akwai wata ƙarama mai suna "tsoho". Duk lokacin da aka yi gyara, fayil ɗin baya ya koma can. Wanda ya rage a waje shi ne na bugu, babu tambaya.

Muna kuma amfani da launukan da Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, ke bari a manna wa fayil, waɗanda ake kira Tags. Launi bakwai ne, amma uku muke taɓawa. Ja yana nufin ana jiran mai aiki ya duba ya amince, rawaya an amince ana jiran bugu, kore an buga ana jiran a zo a karɓa. Da zarar an karɓa an biya, foldar ta bar Desktop ta koma ma'ajiya a cikin Documents. Ba na yarda aikin da ya ƙare ya kwana a allo.

Tun shekarar 2018, da macOS Mojave ya fito, Apple ya kawo wani abu mai suna Stacks. Idan aka riƙe Control aka danna fili a Desktop aka zaɓi Use Stacks, duk fayilolin da ke warwatse sai su taru kashi-kashi a gefen dama, hotuna wuri ɗaya, takardun PDF wuri ɗaya. Yara suna sonsa domin cikin ƙiftawar ido allo ya yi fes. Ni ina da ja a kansa. Bai rage ko fayil ɗaya ba, ɓoye su kawai ya yi, kamar mai share tsakar gida ya tura sharar bayan ƙofa. Kuma idan ya tara bisa iri, hoton amaryar wannan biki da na wancan duk suna shiga tari guda, alhali mu bisa mai aiki muke rarrabewa. Foldoji ba sa shiga tarin, suna zama daban. Saboda haka idan an bi dokar folda, Stacks ba shi da abin tarawa sai ɗan abin da ya kuɓuce, kuma a nan yake da amfani: duk tarin da na gani a allo da yamma, na san akwai abin da ba a kai mazauninsa ba.

Abin da ya fi yawan kuɓucewa hotunan allo ne. Muna ɗaukar hoton zane mu tura wa mai aiki ya gani kafin bugu, kuma Mac a Desktop yake ajiye su idan ba a gaya masa wani wuri ba. Gyaran ɗan kaɗan ne. A danna Shift-Command-5, a zaɓi Options, a ƙarƙashin Save to a nuna masa wata folda. Sai kuma a danna fili a Desktop a latsa Command-J, a sa Sort By ya zama Name domin foldojin su jera kansu. Wanda ya fi son ya ajiye kowace inda ya ga dama sai ya zaɓi Snap to Grid, su tsaya a layi ba tare da wata ta hau wata ba. A cikin saitin Finder kuwa, ƙarƙashin General, muna barin External disks a kunne, domin masu aiki da yawa da filasha suke zuwa. Idan alamarta tana allo, yaro zai tuna ya fitar da ita da Command-E kafin ya zare.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai shago irin namu ya duba, musamman idan data saye yake yi. A saitin iCloud Drive, wato ma'ajiyar Apple ta yanar gizo, akwai zaɓin Desktop & Documents Folders. Idan yana kunne, duk abin da aka ajiye a Desktop hawa yanar gizo yake yi. Fayil ɗin allon talla babba ne, kuma wurin da Apple ke bayarwa kyauta gigabait 5 ne kacal, ba ya jimawa ya cika, data kuma ta tafi ba a san inda ta shiga ba. Idan kuma an kunna Optimize Mac Storage, kwamfutar tana iya sauke tsofaffin fayiloli daga cikinta ta bar su a can. Za ka gane haka idan ka ga ɗan girgije da kibiya kusa da sunan fayil. Ranar da babu sabis, fayil ɗin ba zai buɗe ba. Wanda zai kashe zaɓin kada hankalinsa ya tashi idan Desktop ya wayi gari fanko. Fayilolin suna nan cikin iCloud Drive, sai a kwaso su a dawo da su.

Dock, wato jerin alamomin manhajoji da ke ƙasan allo, ya fi sauƙin sha'ani. Sabon Mac yana zuwa da shi cike da abubuwan da ba ma taɓawa a wurin aiki. Ana jan alama waje, a riƙe har kalmar Remove ta bayyana, a saki. Wannan ba ya goge manhajar, tana nan a Applications. Finder da kwandon shara ne kawai ba sa cirewa. Mu muna barin manhajojin zane, da burauza, da manhajar da muke karɓar saƙon masu aiki, kuma jerin iri ɗaya ne a kowace kwamfuta, domin hannu ya saba. A System Settings, ƙarƙashin Desktop & Dock, ina kashe Show suggested and recent apps in Dock, saboda yana ƙaro alamomi masu canzawa kullum. Ina kashe Magnification shi ma, wanda ke kumbura alama idan kibiya ta hau kanta. A tsofaffin kwamfutocin da ba su kai macOS Ventura na 2022 ba, wurin sunansa System Preferences.

A ƙaramar laftof mai inci 13 ina mayar da Dock gefen hagu. Allon faɗi gare shi, tsayi ne ya yi masa ƙaranci, katin gayyata da kalanda kuwa galibi a tsaye ake zana su, duk ɗan tsayin da aka samu riba ne. Wasu sun fi son ya ɓuya sai an kai kibiya bakin allo ya fito, Option-Command-D ke yin haka. A kwamfutar da mutane da yawa ke zama ban cika son ɓoyewar ba, domin ɗigon da ke jikin alama shi ke nuna manhajar da ke buɗe, kuma wanda ya karɓi aiki yana buƙatar ya ga abin da na baya ya bari. Kusa da kwandon shara, bayan ɗan layin da ya raba Dock, muna ajiye folda biyu: Downloads, a jere bisa Date Added domin abin da aka turo yanzu ya zo farko, da foldar tambura da adon da muke maimaitawa a kati.

Layin sama, wanda Mac ke kira menu bar, magana kaɗan gare shi. A hagu umarnin manhajar da ake ciki ne, ba a taɓa su. A dama ƙananan alamomi ne, kuma idan aka riƙe Command ana iya jan su a sake musu wuri. Matsalar ita ce manhajojin zane suna da dogon jerin umarni, suna cinye layin har wasu alamomin dama su ɓace. A laftof masu ɗan baƙin yanki na kyamara a tsakiyar sama, irin MacBook Pro na 2021 da MacBook Air na 2022, wurin ya ƙara matsewa. Alamomin da suka fi kusa da tsakiya su ne ke fara ɓacewa, don haka masu muhimmanci muke turawa can dama kusa da agogo. A wurinmu su ne Wi-Fi da batir, kuma batir da lambar kasonsa a bayyane, saboda idan an ɗauke wuta mai zane ya san ko zai iya gama fitar da babban fayil kafin a tayar da janareta. Alamomin da wasu manhajoji ke ɗorawa da kansu, galibi a cikin saitin manhajar ake kashe su.

Sabon yaro idan ya zo koyon aiki, kafin ya taɓa manhajar zane nakan ba shi kwamfuta ɗaya ya shirya ta da hannunsa bisa wannan tsari. Daga nan sai in faɗi sunan wani mai aiki in ce, "Nemo mini katinsa na bugu." Idan ya buɗe foldar daidai, ya nuna fayil ɗin da ke wajen "tsoho", ya kuma faɗa mini daga launin ko an amince ko ana jira, washegari sai mu fara darasin zane.