Akwatin hani a hoton talla: abin da yake korewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Sana'armu haɗa hoton talla ce ga masu ƙananan kasuwanci, irin masu turaren wuta, man kaɗanya da yajin daddawa. Akasari mai kaya ba ta da kuɗin ɗaukar mai hoto da wurin ɗauka, don haka sai mu haɗa yanayin hoton da Stable Diffusion, injin kwamfuta da ke zana hoto daga bayanin da aka rubuta masa, daga baya mu ɗora ainihin tambarin kayanta a kai. Aibi huɗu ne ke sa a dawo mana da aiki: hoto ya yi dishi-dishi, hannu ya fito da yatsu shida, wani rubutu mai kama da hatimin ruwa, wato tambarin da masu sayar da hoto ke bugawa a jikin hotonsu, ya ratsa hoton, ko bayan hoton ya cika da tarkace. Kowa na cewa maganinsu shi ne akwatin da aka rubuta wa `Negative prompt`, wanda mu a shago muke ce wa akwatin hani. Yana magani, amma ba daidai wa daida ba. Biyu daga cikin huɗun yana kore su sosai, ɗaya rabi da rabi, ɗaya kuwa kusan bai san da shi ba.

Sai an san yadda akwatin ke aiki kafin a gane dalili. Injin yana farawa ne da hayaniyar ɗigo-ɗigo, yana tace ta mataki-mataki har hoto ya bayyana. A kowane mataki hasashe biyu yake yi: ɗaya bisa abin da ka nema a akwatin sama, ɗaya bisa abin da ka zuba a akwatin hani. Sannan ya ɗauki bambancin da ke tsakaninsu ya ninka da lambar `CFG Scale`, wadda ke saita ƙarfin da injin zai bi rubutunka da shi:

```
sakamako = hani + CFG × (nema − hani)
```

Ke nan akwatin hani ba almakashi ba ne da zai yanke abu ya jefar. Turi ne kawai, yana ture hoton nesa da siffar da kalmar ke nufi a wurin injin. Idan injin bai san siffar kalmar ba, turin zai tafi wani gefe daban. Akwai kuma abin da lissafin ke nunawa wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan `CFG Scale` ya zama 1, hanin ya soke kansa, nema kawai ya rage. Shi ya sa a samfura masu sauri irin SDXL Turbo, da ma Flux a yadda aka saba amfani da shi, ko shafi guda ka cika a akwatin hani babu abin da zai motsa. Duk bayanin da ke tafe na SD 1.5 ne da SDXL, samfura biyu na Stable Diffusion, a `CFG Scale` tsakanin 5 da 7.

Wani kuskure da ya kamata a kawar tun farko shi ne rubuta `no watermark` a akwatin sama. Ɓangaren da ke karanta rubutun bai gane ma'anar `no` ba, kalmar `watermark` kawai yake gani, sai ya kawo maka ita. Haka kuma a akwatin hani ba a sa `no`. Sunan abin da ba ka so za ka rubuta tsurarsa.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Ana son takardar talla girman A5: mace riƙe da kwalbar man kaɗanya, a tsaye, da fili a sama don rubutu. Da SDXL za a yi, girma 832 da 1216, `DPM++ 2M Karras` a matsayin hanyar tace hayaniyar, mataki 28, `CFG Scale` 6. Matakin farko shi ne a bar akwatin hani fayau a fitar da hotuna takwas. Wannan ne gwajin da ke nuna ainihin cutar samfurin da kake amfani da shi, domin kowane samfuri da halinsa. A ce cikin takwas ɗin, uku sun zo da wani ɓataccen rubutu a ƙasan kusurwa, biyar kuma bayansu cike da kantoci da kwalabe da tukwanen fure. Sai a zaɓi guda mai kyan tsayuwa, a kwafi lambar `Seed` ɗinsa, wato lambar da ke ƙayyade hayaniyar da injin zai fara da ita, a kafe ta. Daga nan kalma ɗaya ko biyu ake ƙarawa a kowane gwaji. In ba a kafe `Seed` ba, ba za ka taɓa sanin ko kalmarka ce ta gyara hoton ko sa'a ce kawai ba.

Hatimin ruwa shi ne mafi sauƙi. An horar da waɗannan samfura ne da ɗimbin hotunan intanet, cikinsu har da na shafukan sayar da hoto masu hatimi a jiki, don haka injin ya san siffarsa sarai, kuma yakan ɗauka cewa hoton talla mai tsafta da hatimi yake zuwa. Kalmomi huɗu sun isa: `watermark, text, signature, logo`. Amma dubi akwatin sama tukuna. In ka rubuta `stock photo` a can, kai ka gayyato hatimin, cire shi ya fi yaƙi da shi. Kalmar `text` tana da ƙarin amfani a aikinmu, domin tana share ƙagaggen rubutun da injin ke zanawa a jikin kwalba, ta bar mana fili mu manna tambarin gaskiya.

Tarkacen baya ma yana jin magani, sai dai a nan akwatin sama ne ke ɗaukar babban kaya. Injin ba ya son fili, duk inda ba ka faɗa masa abin da zai sa ba, zai cike da abin da ya saba gani. Saboda haka a sama ake rubuta `plain beige wall` ko makamancinsa, a ƙasa kuma a kira tarkacen da sunansu. `cluttered background` kaɗai ba ta da ƙarfi sosai, domin ba siffa ɗaya gare ta ba. `shelves, bottles, plants` sun fi aiki, tunda su ne suka bayyana a gwajin farko. Hattara da `bottles` ɗin nan: kayan da ake tallatawa ma ɗan'uwan kwalba ne, turin zai iya lanƙwasa shi ko ya mayar da shi kwano. In haka ta faru, a cire kalmar ko a rage nauyinta zuwa `(bottles:0.6)`.

Dishi-dishi iri uku ne, kuma ɗaya ne kawai ke jin hani. Na farko shi ne wanda injin ya zana da gangan, yana kwaikwayon hoton da hannu ya girgiza ko idon kyamara bai daidaita ba. Wannan `blurry, out of focus` na korarsa. Na biyu na ƙarancin ɗigo ne: fuskar da ke nesa ta samu ɗigo arba'in kacal a faɗinta, babu kalmar da za ta ƙara mata. Maganinsa `Hires. fix`, a ninka girman sau biyu da `Denoising strength`, wato yawan sauyin da aka yarje wa injin ya yi, wajen 0.35. Hotonmu zai koma 1664 da 2432, wanda a faɗin A5 ya kai kusan ɗigo 285 a kowane inci, ya wadatar da bugu. Na uku kuwa na ƙarancin mataki ne ko rashin dacewar samfurin da `VAE`, wato ɓangaren da ke mayar da lissafin injin hoton da ake gani, alamarsa launi ya koɗe kamar tufa ta sha rana. Wannan saiti ake gyarawa.

Akwai wani karo da ake yi a nan. Mai hoto na gaske da hazo yake ɓoye tarkacen baya, fuska ta fito tar, bayanta ya narke. In ka sa `blurry` da nauyi mai yawa, ko ka kwafo `depth of field, bokeh` cikin hani, ka kashe wannan hazon, kowane abu na baya ya fito ƙuru-ƙuru yana gasa da kwalbar. Mu ba ma wuce `(blurry:1.2)`. Da an haura 1.4 fata ke fara yin kaushi, gefen abubuwa ya yi kaifi kamar an zagaye shi da biro.

Yatsu su ne inda akwatin hani ya fi ba da kunya. Kowane jerin da ake yawo da shi yana da `extra fingers, mutated hands, bad anatomy`, amma ba kasafai ake samun hoton da aka rubuta wa wannan bayani a cikin abin da injin ya koya ba, don haka kalmomin ba su da tsayayyar siffa a wurinsa. Abin da yake ji shi ne `fingers` da `hands`, sai ya ture hannun gaba ɗaya: ya cusa shi a mayafi, ya kai shi bayan kwalba, ko ya yanke hoton daga wuyan hannu. Mai kallo ya ce an gyara, alhali ɓoyewa aka yi. Asalin matsalar ita ce hannu ƙarami ne a cikin hoto, yana da fasali barkatai, kuma yatsu na rufe juna, injin kuma ba ya ƙirga.

Abin da ke aiki shi ne, da farko, a sauƙaƙa riƙon. Kwalba a kan buɗaɗɗen tafin hannu ta fi kwalbar da yatsu suka naɗe sauƙin fitowa daidai, hannu ɗaya kuma ya fi biyu. In hannun ya lalace duk da haka, a kai hoton `Inpaint`, inda injin ke sake zana wurin da aka shafe kawai, a shafe hannun har da wuyansa, a zaɓi `Only masked` domin injin ya zana wurin da cikakken girma, `Denoising strength` tsakanin 0.4 da 0.55, a fitar da shida a zaɓa. Ƙasa da 0.4 yatsa na shida zai zauna daram, sama da 0.6 hannun zai sauya launi ya rabu da jikin mai shi. Idan yatsan ya ƙi tafiya, a goge shi da buroshi a manhajar gyaran hoto, da launin abin da ke bayansa, ko da aikin bai yi kyau ba, sannan a maimaita `Inpaint` a 0.35 don ya daidaita wurin. Lalle a hannu yana ƙara rikita injin, gara a gama yatsu tukuna a sa shi daga baya.

Ga abin da akwatin hani ya ƙunsa a ƙarshen wannan aiki:

```
watermark, text, signature, logo, shelves, plants,
cluttered background, (blurry:1.2)
```

Takwas ke nan, kuma kowacce an ga abin da ta gyara. Dogayen jerin kalma sittin da ake kwafowa yawancinsu na zamanin SD 1.5 ne, wanda ya fito a 2022 da girman 512 da 512, kuma wasu don zanen katun aka tsara su. SDXL na 2023 bai bukatar rabinsu. Banda haka, injin na karanta rubutu a gungu-gungu na gutsuren kalma 75, kuma yawan kalmomi yana raba ƙarfin turin har mai amfanin ta nutse cikin marasa amfani. Sunaye irin `EasyNegative` da ake gani a jerin ba kalmomi ba ne, ƙananan fayiloli ne da aka horar don SD 1.5. In ba ka da fayil ɗin, ko kana kan SDXL, haruffa ne kawai ka zuba.

Abin da ya fi shafar masu sayen aikinmu shi ne kalmomin da ke taɓa fata. Jerin da aka kwafo sau da yawa yana ɗauke da `dark`, `low light` ko `ugly`. Injin ba ya bambance duhun ɗaki da duhun fata, sai ya haskaka matar da ke hoton, ya sirance hancinta, ta daina kama da matan da za su sayi man kaɗanyar. Gwajinsa mai sauƙi ne: da `Seed` ɗaya, fitar da hoto da kalmar, fitar da wani babu ita, ka jera su ka dubi goshi da bayan hannu. In haske ne ya yi ƙaranci a hoton, a nemi `soft daylight` a akwatin sama, a bar akwatin hani da takwas ɗinsa.