Ranar da na kai Yaya ɗaga ƙarfe

Asabar, da dare.

Yau dai Allah ya yi, Yaya ya taka gidan motsa jiki. Wata uku ke nan da likita ya ce masa ya rage zama ya fara motsa jiki, shi kuma kullum sai ya ce mako mai zuwa. Shekararsa 44, wuni yake a kan kujerar shago, ya tashi daga nan ya hau kujerar mota. Da na je ɗaukarsa bayan asuba na same shi ya sa takalmin gudu mai tudun soso a ƙasa, sabo fil, da wata riga da ko takardar kuɗinta bai cire ba.

Muna shiga ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Wani saurayi ne a can ciki yake sakin ƙarfe a ƙasa da ƙara, ga kiɗa, ga madubi ta ko'ina. Yaya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai, anya ba za mu koma ba? Duk kallona suke." Na ce masa, Yaya, kowa a nan kansa yake kallo a madubi, ba wanda ya san ka shigo. Na ja shi can lungu inda benci yake, na ɗauko dambel guda mai kilo 6, wato guntun ƙarfen nan da ake ɗagawa da hannu, da sandar mofa da na aro wajen yaron da ke share wurin. Ya dubi sandar ya dube ni. Ya nuna dogon ƙarfen da ake jera faifai a kansa ya ce shi ya zaci da wancan za a fara. Na ce wancan ko ba a sa masa komai ba kilo 20 ne, zai jira mu.

Bayan ya yi minti biyar yana tafiya a kan inji jiki ya ɗan yi ɗumi, muka fara da tsugunno, wanda 'yan wurin ke kira sukwat. Na sa shi ya cire takalmin ya tsaya da safa, don wannan sosan na ƙasa lotsawa yake, mutum ba ya jin inda nauyinsa ya sauka. Ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje, benci a bayansa. Na ce ya zauna a hankali har mazaunansa su taɓa bencin, kar ya saki jiki a kai, ya miƙe. Na farko faɗawa ya yi tim. Na biyu dugadugansa suka ɗaga, ya tafi gaba kamar zai kifa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, mutumin nan sau biyar a rana yake tsugunnawa ya yi alwala, bai taɓa tunanin yadda ake yi ba, amma yau da aka ce masa motsa jiki ne sai ya rikice. Sai dai da na lura, a tsugunnon alwalar ma a kan yatsu yake zama, dunduniya a sama. A nan kuwa so ake tafin ƙafa ya kama ƙasa ta wuri uku: dunduniya, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Na miƙa masa dambel ɗin ya rungume shi da hannu biyu a ƙirji, dab da haɓa. Nan take tsugunnon ya gyaru. Mutane suna mamakin wannan, wai a ƙara wa mutum kaya kuma abu ya yi sauƙi. Dalilin shi ne nauyin da ke gaba yana yi masa rinjaye, sai ya samu ya sauka ƙasa ba tare da tsoron faɗuwa ta baya ba, ƙirjinsa kuma ya tsaya a miƙe.

Saura gwiwoyi. Duk sanda zai taso sai su karkato ciki kamar za su gaisa. Na sa tafin hannuna a gefen gwiwarsa ta waje na ce ya ture hannun yayin da yake tasowa. Gwiwa tana bin inda yatsun ƙafa suka kalla, shi ke nan dokar. Ya ce wai ya ji an ce kar gwiwa ta wuce yatsu. Na ce, Yaya, duk sanda ka sauko daga bene gwiwarka tana wuce yatsunka. Muddin dunduniya na ƙasa kuma babu zafi, bar ta ta wuce. Ya yi takwas, ya huta minti ɗaya da rabi, ya ƙara takwas.

Inda muka daɗe shi ne sunkuyo daga ƙugu. Ni a ganina wannan ne ya fi duk sauran wuyar koyo, kuma shi ya fi dacewa da mutum irin Yaya da ke sunkuyawa ya ɗauki dilar kaya a shago ba tare da tunani ba. Na ce ya sunkuya kamar zai ɗauki abu a ƙasa. Ya lanƙwasa baya kamar baka, ƙafafu a sandare. Na ce a'a. Ya sake, wannan karon ya tsugunna kawai. Haka kusan kowane sabon shiga yake yi: ko ya naɗe baya, ko ya mai da abin tsugunno.

Bambancin a wurin da mazaunai suke nufa ne. A tsugunno ƙasa suke yi, gwiwa ta lanƙwashe sosai. A sunkuyo baya suke yi, gwiwa ta ɗan saki kaɗan kawai, ƙwauri ya tsaya kusan a miƙe, gangar jiki ta rusuna gaba ɗaya kamar murfin akwati. Bayanin baki bai shige shi ba, sai na kai shi jikin bango. Ya juya wa bangon baya, tazarar kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya. Na ce, Yaya, ka tuna in ka fito daga mota hannu biyu cike da ledoji, yaya kake rufe ƙofa? Ya yi dariya, ya tura mazaunai baya har suka taɓa bango. Na ce ka ga abin ke nan. Ya matsa gaba kaɗan ya sake, ya ƙara matsawa ya sake, har ya ce yana jin wani abu na ja masa a bayan cinya. Wannan jan shi ake nema. In mutum ya ji shi a bayan cinya, aikin ya sauka inda ya kamata. In a tsatso yake jin nauyin, to bayansa ne ke aikin da ƙugu ya kamata ya yi.

A nan sandar mofa ta yi rana. Na ɗora masa ita a tsaye a gadon baya, ya riƙe da hannu ɗaya ta wajen wuya, ɗaya ta wajen ƙugu. Dole ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin allunan kafaɗa, da ƙashin da ke saman mazaunai. Yana sunkuyawa, da zarar sandar ta rabu da na ƙasa, baya ya fara naɗewa. In kuma ta rabu da ƙeya, kai ne ya faɗi gaba. Sandar ba ta ƙarya, kuma ba sai na yi ta magana ba. Da ya ɗan yi nisa a sunkuyon sai sandar ta rabu da na ƙasa. Na ce to nan ne iyakarka a yau, kar ka nemi taɓa ƙasa. Shi da kansa ya ce ashe kamar ruku'u ne in an daidaita baya. Na ce kusan haka, illa dai a nan ana ɗan sakin gwiwa, kuma ana tura ƙugu baya fiye da haka.

Ni ma na yi nawa kuskuren. Da na ga ya kama, sai zumuɗi ya ɗebe ni na ɗauko masa dambel mai kilo 12. A na uku na ga dambel ɗin ya yi nesa da ƙafafunsa yana reto a gaba, bayansa ya fara komawa baka, ga shi ya riƙe numfashi fuska ta yi jawur. Na karɓe. Mutumin da ake bibiyar hawan jininsa bai kamata ya riƙa danne numfashi yana yunƙuri ba. Muka koma kilo 6. Ya shaƙi iska kafin ya sauka, ya ɗaure ciki kamar wanda yaro zai kai wa naushi, ya fitar da iskar yana tasowa. Kayan kuma su bi jikin cinya kamar yana shafa ta, domin duk nisan da suka yi da jiki ƙarin wahala ne ga tsatso. Da ya miƙe kuma sai ya riƙa gantsarewa baya, na ce tsayuwa kawai ake so, ya matse mazaunai ya tsaya cak.

Turi bai ci mana lokaci ba. Firesof a ƙasa, wato mutum ya kife ya riƙa tura jikinsa sama da hannu, ya fi ƙarfinsa yanzu, don haka ya dafa gefen benci, jiki a miƙe daga kai har dunduniya kamar katako. Gyara biyu na yi masa. Ya baza gwiwoyin hannu sun yi daidai da kafaɗa, na sa ya jawo su kusa da jiki, ba manne ba, tsaka-tsaki. Sannan cikinsa yana rigan ƙirji sauka, na ce ƙirji ne zai fara isa bencin. Ya yi shida masu kyau, na bakwai ƙugu ya lotsa, na ce ya isa. Ranar da ya iya goma sha biyu a tsabtace sai mu nemi abin dafawa da ya fi benci ƙasa.

A wajen ja muka zauna a injin da ake jawo igiya zuwa ciki. Ya fara da fizga, yana kwantawa baya gaba ɗaya kamar mai kokawa da rago, kafaɗu sun hau har kunne. Na rage nauyin, na sa yatsana a tsakanin allunan kafaɗarsa na ce ya matse yatsan. Ya manta da tafin hannu, ya kai gwiwar hannu baya ta gefen haƙarƙari, ya ɗan tsaya, sannan ya mayar a hankali kar faifan ya buga. Ya ce yanzu a baya yake ji, ɗazu kuwa a damtse da wuya. Goma sau biyu.

Duka-duka minti 40 muka yi. Ya so ya ƙara, wai bai ji ya gaji ba. Na hana. Kusan kowane zagaye na tsayar da shi yana da sauran biyu ko uku a jiki, da gangan. Na gaya masa gobe zai ji tsamin jiki a cinya, jibi ma zai iya fin haka, ya kwana uku ya wuce, wannan ba komai ba ne. Wanda ba a wasa da shi shi ne zafi mai suka a cikin gwiwa ko kafaɗa, ko wanda ke sauka daga baya zuwa ƙafa, ko jiri da ciwon ƙirji. In ya ji irin wannan ya tsaya, mu koma wajen likita.

Muna fita saurayin nan mai sakin ƙarfe ya gaishe shi, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji." Yaya ya amsa yana wani gyara tsayuwa. A mota ya tambaye ni ko sandar tsintsiyar gidansa za ta yi, na ce za ta yi.

Ɗazu bayan isha'i Anti ta kira ni tana dariya, wai me na yi wa mijinta, tun magariba yake tsaye a falo yana kai wa bango mazaunai, yara sun kewaye shi suna ƙirga masa. Mun yi da shi Talata ƙarfe shida. Na ce ya zo da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wancan ya bar shi na tafiya.