Turmi 40 da aka bayar bashi

Aikina rubuta lissafi ne ga ƙananan ’yan kasuwa a Kantin Kwari. Ƙarshen wata in zaga shagunan da nake yi wa aiki, in haɗa abin da ya shiga da abin da ya fita, in ƙirga kayan da suka rage. Mai irin wannan aiki yana ganin rigimar abokan kasuwanci tun tana cikin littafi, kafin ta fito baki. Abin da na lura da shi kuwa, saɓanin farko tsakanin mai jari da mai juya jari ba kasafai yake tasowa daga ha’inci ba. Yawanci akwai wata magana da ba a yi ba ranar da aka ƙulla, domin kowa ya ɗauka abu ne sananne, ba sai an faɗa ba.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na wata Hajiya, tsohuwar malamar makaranta, da wani matashi da ya daɗe yana yaron shago kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ta karɓi garatutinta, ta ware Naira miliyan 3 ta ba shi ya juya a atamfa, riba a raba biyu. Wani ɗan’uwanta ne ya haɗa su, ya yaba riƙon amanarsa. Sun yi maganar rabon riba, sun yi maganar kuɗin haya. Maganar bashi ko sau ɗaya ba ta taso ba.

Ana cikin azumi wata mai saro kaya daga Maraɗi ta zo, wadda ya sani tun yana gidan maigidansa. Ta ɗauki turmi 40 a kan 15,000 kowanne, wato 600,000. Ta biya 200,000, saura 400,000 sai bayan Sallah. Ya rubuta a littafi da kwanan wata, bai ɓoye komai ba. Amma bai kira Hajiya ba. Ita kuma a takardar ƙarshen wata da na kai mata ta gani.

Ga yadda lissafin yake a idonta. Ya saro kowane turmi a 13,500, ke nan 540,000 ne kuɗin sari. An karɓi 200,000, don haka 340,000 na uwar kuɗinta suna hannun matar da ba ta taɓa gani ba, a wata ƙasa. Ribar cinikin duka 60,000 ce, rabonta 30,000. Wadda ta yi shekaru tana jiran albashi ba za ta ga hikimar jefa 340,000 cikin haɗari don 30,000 ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shi kuma ba wannan lissafin yake yi ba. A Kwari masu zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru sukan ɗauki kaya su cika kuɗi daga baya, wanda ya ƙi ba su kuwa sai su matsa shago na gaba, ba kuma za su dawo ba. Matar tana zuwa kowace Sallah. Sannan atamfa kayan yayi ce. Zanen da bai fita kafin Sallah ba yana iya yin kwantai, a ƙarshe a karya shi ƙasa da kuɗin sari. A wajensa ya yi abin da duk ɗan kasuwar kirki zai yi, har yana sa ran yabo.

Ta kira shi a waya. “Kai ɗan nan, ina kuɗin turmi 40?” Abin da take nufi ke nan, ba ƙari. Malama ce, ta saba tambaya kai-tsaye, ɗalibi ya ba da amsa. Shi kuwa ya tashi a wurin da ba a yi wa yaron shago irin wannan tambaya sai ana zarginsa. Ya ce, “Suna nan, Hajiya, za a biya.” Ta ce ba ta son bashi. Ya ce to, Allah ya ba ta haƙuri. Aka ajiye waya, ita tana ganin an gama magana, shi yana ganin an kira shi ɓarawo.

Abin da ya biyo baya ya fi koya mini darasi a kan ainihin rigimar, domin babu wanda ya ɗaga murya. Ya fara tura mata hoton kowane rasit, har na ɗan dakon da ya ba 500. Wanda bai san shi ba zai ce gyara ya yi. Fushi ne. Yana cewa ne, tunda ba a yarda da ni ba, ga shi nan ki ƙirga. Gaisuwar da yake kira ya yi duk Juma’a ta koma saƙon rubutu. Ita kuma da ta ga ya ja baya, sai hankalinta ya ƙara tashi, ta sa ɗan’uwan nan nata ya tambayi maƙwabtan shagon ko sun san matar Maraɗi. Magana ba ta kwana a Kwari. Kafin la’asar ya ji cewa ana bincikensa.

Tun daga nan nake kula da waɗannan alamu a sauran shaguna: biyayyar da ta wuce kima ba zato, gaisuwar da ta gajarce, da saƙon da ya fara bi ta hannun wani alhali da baki da baki ake yi. Mutanen da suka daɗe tare sun san shirun juna. Sun san wane ne yake shiru don yana tunani, wane ne don ya yi zuciya. Sababbi ba su da wannan sani, don haka kowa sai ya fassara shirun ɗan’uwansa da abin da ya fi tsoro. Hajiya tana tsoron kuɗinta sun tafi. Matashin yana tsoron za ta zare jarinta, sunansa ya ɓaci a kasuwar da ba shi da wata.

Ɗan’uwan nata ya so a tara manya, a kira tsohon maigidan yaron da kawunsa. Na ba da shawarar a dakata. Ina girmama sulhun manya, amma na san yadda yake ƙarewa idan ɗaya ya haifi ɗaya: a ce yaro ya ba da haƙuri, ya durƙusa ya bayar, a yi fatiha a tashi. An kashe wutar, amma ba a taɓa tambayar da ta jawo ta ba, wato ko yana da ikon ba da bashi ko babu. Yaron zai haɗiye, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai dai bashi na gaba ba zai shiga littafi ba. Wannan ya fi na farko muni nesa ba kusa ba.

Muka zauna mu uku a falonta. Na ƙi shago da gangan, don a can kunnuwa sun yi yawa, kuma ba zai iya sassautowa a gaban yaransa ba. Na fara da littafi, na karanta adadin, kowa ya yarda haka ne. Wannan mataki yana da sauƙin rainawa, amma da aka gama shi maganar sata ta mutu ba tare da an ambace ta ba. Sai na roƙi kowannensu ya faɗi abin da ya ɗauka an yi yarjejeniya a kai tun farko, ba abin da ɗayan ya yi masa ba. Hajiya ta ce a saninta kaya su fita, kuɗi su shigo. Shi ya ce, “Wallahi Hajiya, ban taɓa ganin shagon sari da ba ya ba da bashi ba. Ban san abu ne da ake neman izini ba.” Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ba ta san haka kasuwar take ba. Ya ƙara da cewa abin da ya fi ƙona masa rai tambayar maƙwabta ne. Ta ce ita kuma ganin maganar a takarda maimakon ta ji daga bakinsa.

Irin wannan haɗin gwiwa shi ne ƙiradi a littattafan fiƙihunmu na Malikiyya, kuma hukuncinsa a nan a fili yake. Idan aka yi asara ba da sakaci ba, mai jari ce take ɗauka, mai juyawa ya tashi a wahalar banza. Amma mai juyawa ba ya sayarwa bashi sai da izinin mai jari, in ya yi kuma kuɗin suka salwanta, shi zai biya. Na faɗa musu haka, na ce su tabbatar a wajen malaminsu. Na bar wannan magana sai ƙarshe ne da niyya. Da a ce da ita na fara, da Hajiya ta samu sanda, shi kuma ya rufe bakinsa.

Daga nan muka raba maganar gida biyu, bashin da ya riga ya fita da wanda zai zo. Na farko ya ce yana wuyansa, in matar ba ta biya ba zai cika 340,000 daga rabonsa sannu a hankali. Na gaba kuma suka yi ciniki kamar ana sayen kaya. Ita ta ce babu bashi sam, shi ya ce in haka ne gara a rufe shagon. Suka tsaya a kan cewa jimillar bashin da ke waje ba za ta wuce 300,000 ba, kashi 10 cikin 100 na jari, kuma duk mutumin da zai ɗauki fiye da 100,000 sai an kira ta. Kowane bashi a rubuta shi da ranar biya, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Ita ma ta ɗauki nata sharaɗin: in wani abu ya dame ta, shi za ta fara tambaya, ba ’yan layi ba. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran tsada, kuma da wuya babba ya yarda da shi in an zauna gaban jama’a.

Matar Maraɗi ta turo 300,000 bayan Sallah, sauran 100,000 suka ja lokaci fiye da alkawari. Har yau Hajiya tana kawo wannan jinkiri a matsayin hujjarta, shi kuma yana kawo dawowar matar da Babbar Sallah da kuɗi a hannu. Ba su yarda da juna a kan bashi ba, kuma ban ga alamar za su yarda ba. Suna dai aiki da iyakar da suka sa.

Wannan hanya tana da inda ba ta kaiwa. Ta yi aiki ne saboda littafin ya yi daidai da kayan da ke kan kanta. In na ƙirga na tarar da giɓin da ba a rubuta ba, ko sunan mai bashi ya sauya tsakanin bayani na farko da na biyu, ko aka hana ni lambar wanda ake bi, to ba rashin sanin halin juna ba ne kuma, a nan ne kiran manya da shaidu yake da amfani. Ko rabuwar ma ba a yinta ranar da rai ya ɓaci, domin jarin ya riga ya zama atamfa. Sai an sayar da kaya, an karɓo basussuka, uwar kuɗi ta koma hannun mai ita, sannan a duba ko akwai ribar da za a raba.