Fura ce ta fara kayar da ni bayan aikin rage ƙiba

Wata biyu da dawowata daga Tunis, inda aka yi mini aikin rage ƙiba, aka yi suna a gidan ƙanwata a unguwar Zariya. Aka damo fura da nono, an zuba sukari yadda muke so a nan Maraɗi, aka miƙo mini ludayi. Tun da aka yi mini aiki ban sa fura a baki ba, ga kuma idon mutane. Na sha ludayi uku. Ba a yi minti ashirin ba zufa ta karyo mini, zuciyata na bugawa kamar ana kiɗan kalangu a ƙirjina, cikina ya murɗa, na ruga bayan gida da kyar. Mata suka hau salati, wata tsohuwa har tana cewa baki ne ya kama ni. Ni kuwa na san abin da ya faru, don lokotoro ya gaya mini tun kafin ya taɓa ni, ni ce dai na ɗauka tsoratarwa ce.

Ina sayar da atamfa da leshi, yini nake a zaune. Lokacin da na kai shekara 41 nauyina kilo 118 ne, tsawona mita 1.62. Ciwon sukari ya shekara shida a jikina, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka sa na koma salla a kan kujera. Da dare ƙwannafi ke tayar da ni, ruwa mai ɗaci ya hauro har maƙogwaro. A unguwa kuwa cewa ake Hajiya ta samu hutu, Alhaji yana kula da gida. A garin da ƴan mata ke sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki, wa za ka gaya wa ƙiba ciwo ce?

Lokotoron da ke duba mini sukari a Yamai shi ya fara lissafa mini ma'aunin ƙiba, abin da suke rubutawa IMC a takarda. Ana ninka tsawon mutum da kansa, sai a raba nauyinsa da abin da ya fito. Nawa, 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, aka raba 118 da shi, ya fito 45. Ya ce tun 1991 ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a yi wa wanda ya kai 40 aiki, ko wanda ya kai 35 in yana da ciwon da ƙiba ke jawowa, kamar sukari, hawan jini ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ma'aunin zuwa 35 ko babu wani ciwo, da kuma 30 ga mai ciwon sukari. Amma lamba ba ta isa ita kaɗai. Sai da aka tambaye ni irin ƙoƙarin da na yi a baya, ko ina shan taba, ko ina neman haihuwa nan kusa, da ko ina da halin ci gaba da sayen magani da yin gwajin jini bayan na koma gida. Wannan tambaya ta ƙarshe na amsa ta da sauri, kuma ita ce ta fi cancantar in tsaya in yi tunani.

Aikin iri-iri ne, amma biyu aka ɗora mini a kan tebur. Na farko suna ce masa silib: a yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siriri mai kamar ayaba. Ba a taɓa hanji, kuma yunwa tana raguwa sosai don ɓangaren da aka cire shi ne ya fi fitar da sinadarin da ke sa mutum jin yunwa. Abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu shi ne baifas: a ware wata ƴar jaka a saman tumbi wadda ba ta fi ƙwan kaza ba, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da ita, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Akwai wani na uku, zobe da ake ɗaura wa wuyan tumbi, amma an rage yin sa ƙwarai saboda yakan zame ko ya ci naman tumbin, da yawa sai an koma an cire.

Ni silib na so, don na ji an ce ya fi sauƙi. Da aka zura mini ƴar kyamara ta baki aka duba, aka ga ƙwannafin ya riga ya ƙona ƙasan maƙoshina. Lokotoron ya ce, "Hajiya, silib yakan ƙara ƙwannafi, naki kuwa ya riga ya yi ɓarna. Baifas yana maganinsa, kuma ya fi tasiri a kan sukari. Amma ki sani, shi ya fi bin mutum bashi." Bashin da yake nufi shi ne, inda abinci zai tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da na ƙashi, bitamin B12 ma ba zai ƙara shiga yadda ya saba ba.

Baifas ɗin aka yi mini. Mako biyu kafin aikin aka hana ni tuwo, shinkafa, mai da sukari, don hanta ta saɓe, tunda ita ke kwance a kan tumbi kuma sai an ɗaga ta. Aikin kansa ban san komai a kai ba. Na farka da ƙananan huji biyar a ciki, a ranar aka tayar da ni in taka don kada jini ya daskare a ƙafa. Abin da aka fi tsoro a kwanakin farko shi ne ɗinki ya yi yoyo, kuma alamarsa ta farko sau da yawa ba ciwon ciki ba ce. Bugun zuciya ne zai haura 120 a minti ya ƙi sauka, da zazzaɓi, da ciwo a kafaɗar hagu. Shi ya sa aka ce kada in yi gaggawar hawa jirgi, na ƙara kwana goma a masauki kusa da asibitin. Wanda zai je waje a yi masa aikin nan ya sa waɗannan kwanaki cikin lissafin kuɗinsa, don daga Yamai zuwa Maraɗi fiye da kilomita 600 ne a mota, ba wurin da za ka so yoyo ya same ka ba ne.

Mako biyu ruwa-ruwa kawai na sha, romon kaza da aka tace da madara marar sukari. Sannan abinci mai laushi kamar na jariri, sai wajen mako na shida na fara tauna. Cokali uku ko huɗu na cika ni. In na ƙara ɗaya, sai ya tokare a ƙirji har in amayar.

Abin da ya same ni ranar suna ga yadda yake. Tumbi na asali yana da ƙofa a ƙasa mai sakin abinci kaɗan-kaɗan. Jakata ba ta da wannan ƙofa, don haka abu mai zaƙi da ruwa yana faɗa wa hanji gaba ɗaya, hanji ya jawo ruwa daga jini, sai zufa, bugun zuciya da gudawa. Wani lokaci kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukari ya faɗi ƙasa, jiki ya hau rawa. Lemun kwalba, shayi mai sukari da kunun zaƙi duk haka suke yi mini. Duk abincin garin nan sai da na sake masa tsari. An ce in samu giram 60 zuwa 80 na abinci mai gina jiki kullum, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, sai na koma fara ci da ƙwai, kifi, wake ko kindirmo, tuwo ya zo ƙarshe in akwai wuri. Kilishi da tsire sai na tauna har su narke, zogale kuma ya zama abokina. Inna ta daɗe ba ta yarda ba. Takan zauna ta dube ni ta ce, "Ke ƴar nan, wannan cin kamar na tsuntsu, da me za ki rayu?"

Ruwa ya fi abinci wahala. Ana so in sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, amma ba a haɗa shi da abinci, sai an bar minti talatin kafin ci da bayansa, kuma ba zan iya kafa kai a moɗa ba. A bazara, da zafi ke wuce 40, kurɓa nake daga asuba har dare, in fitsari ya yi duhu na san an bar ni a baya. Saboda haka azumin farko ban yi shi ba. Lokotoro ya hana, na tambayi malam ya ce larura ce. Na ji ciwon wannan fiye da yadda na nuna wa kowa.

A wata na huɗu gashina ya riƙa zuba a wurin kitso, daga baya ya tsaya da kansa. A wata goma sha takwas nauyina ya sauko zuwa kilo 82. An dakatar da maganin sukari, na hawan jini ya koma ƙwaya ɗaya, na koma sujada da goshina a ƙasa. Gulma kuwa ta zaga kasuwa, wasu na cewa ciwon zamani, wasu na cewa sammu.

A nan na yi wautar da ta fi ta fura. Bitamin ɗin da na zo da su daga Tunis suka ƙare, irinsu babu a farmasin da na zaga, ga shi ina jin garau. Na bari, allurar B12 da ake yi mini duk wata uku ita ma na daina zuwa. Jiki yana da ajiya, shi ya sa ba a gane wa da wuri. Sai bayan kusan shekara na fara haki in na hau ƴar matakala, ina ta tauna ƙanƙara kamar mai sabon ciki, tafin ƙafata na yi kamar ana tsira mini allura. Gwaji ya nuna jinina ya ragu ƙwarai, ƙarfe da B12 duk sun yi ƙasa. Sai da aka ɗaura mini ƙarfe ta jijiya a Yamai, aka jera mini allurai. Lokotoron bai ɓoye fushinsa ba, ya ce in jijiyoyi suka daɗe babu B12, lalacewar ba lalle ta gyaru ba. Babban ɗan yatsana na ƙafar hagu har yau ba na jin sa sosai.

A zaman nan kuma ya gano ina sayen maganin ciwon gwiwa wurin masu talla a tire. Dikilofenak da ibufurofen haramun ne gare ni har abada, don suna buɗe gyambo daidai inda aka haɗa jaka da hanji. Farasitamol kawai aka bar mini.

Yanzu shekara huɗu ke nan, nauyina 88. Kilo shidan da suka dawo na san hanyarsu: ƙuli-ƙuli da cincin da nake tsinta a rumfa, don ɗan abu kaɗan-kaɗan jakar ba ta hana shi wucewa. Bitamin ina sa a sayo mini na wata shida tun kafin na hannu su ƙare, ina shan na ƙashi da rana, na ƙarfe da dare, don in an haɗa su ɗaya yana tare ɗaya. Gwajin jini duk shekara bayan Babbar Salla, don kada in manta. Fura kuma nakan sha ludayi ɗaya, nono ya fi gero yawa, ba sukari, a zaune a ɗakina.